Sanduna Cike, Intanet Na Rarrafe: Shaƙe Layin Aka Yi Ko Sabis Ne Ba Ƙarfi?

Duk mai sayen data ta wata guda ya san wannan rana. Jiya da daddare bidiyo yana buɗewa tun yatsa bai bar fuskar waya ba, yau da safe hoto guda ya tsaya yana ta juyi a WhatsApp. An duba saman waya, sandunan sabis a cike, ga 4G a rubuce ɓaro-ɓaro. An kashe wayar an kunna, an cire sim an goge shi da gefen riga an mayar, an fita tsakar gida an ɗaga hannu sama, amma shiru. Daga nan sai a yanke hukuncin da kowa ya saba yankewa, a ce netwok ne ba kyau, a zauna jiran ya gyaru.

Sau da yawa babu abin da ya sami netwok. Kamfanin ne da kansa ya rage wa layin gudu, da gangan, bisa wani sharaɗi da mai layin ya amince da shi ranar da ya sayi tsarin, ko ya karanta ko bai karanta ba. Wani lokacin kuma kamfani bai taɓa layin ba, sabis ɗin ne yake isowa ɗaki a raunane. A ido abubuwan biyu kamarsu ɗaya, amma maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki. Wanda aka shaƙe wa layi, ko kan rufin bene ya hau da eriya, ba zai ga canji ba. Wanda sabis ya yi wa rauni kuwa, in ya ƙara sayen data, ya dai ƙara wa kamfani ciniki, gudun yana nan inda yake.

A tallan tsarin ana rubuta Unlimited da manyan baƙaƙe. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙen da sai an matso da ido, akan ga Fair Usage Policy, ko a taƙaice FUP. Abin da sharaɗin ke cewa shi ne akwai adadin data da za a ci da cikakken gudu, misali gigabait 100 a wata ko gigabait 3 a rana. Da an kai wannan adadi ba za a yanke layin ba, amma za a saukar da gudunsa zuwa wani ƙaramin mataki da aka ƙayyade, irin kilobit 512 ko 256 ko 128 a daƙiƙa, har sai kwanan tsarin ya zagayo ko an sake biya. Data ɗin ba ta da iyaka kamar yadda aka tallata, gudun ne yake da iyaka.

Kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Turken sadarwa guda yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa rabon wannan abu suke yi. In mutum goma suka kwana suna sauke fina-finai, sauran 'yan unguwa su ne za su ji a jikinsu. Sai dai hujjar tana da gurgunta a wuri guda: layin da aka shaƙe yana nan a shaƙe har da ƙarfe uku na dare, lokacin da turken yake zaune babu kowa a kansa. A wannan sa'ar babu maƙwabcin da ake karewa. Abin da ya rage shi ne ciniki, wato a tura mai layi ya sayi tsari mafi tsada.

Wannan ta taɓa kai wani babban kamfani gaban shari'a. A 2014 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta kai kamfanin AT&T ƙara kan cewa ya sayar wa mutane tsarin da ya kira mara iyaka, sannan ya riƙa rage musu gudu ba tare da ya bayyana musu yadda ya kamata ba, wasu ma tun daga gigabait 2 a wata. A 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 60. A 2018 kuma, ana tsakiyar yaƙi da gobarar daji ta Mendocino a jihar Kalifoniya, kamfanin Verizon ya rage gudun layin da 'yan kwana-kwana na yankin Santa Clara suke amfani da shi a motar da ke tsara aikinsu, saboda sun wuce gigabait 25. Daga baya kamfanin ya ce kuskure ne aka yi wajen kula da abokin ciniki. Na'urar da ke rage gudu ba ta san gobara ba, lissafi kawai take bi.

Wannan lissafi kuwa ba a cikin waya ake yinsa ba, ba kuma a kan turken da ke bayan gida ba. Can cikin cibiyar kamfanin akwai na'urorin da ke ƙirga duk abin da kowane sim ya sauke da abin da ya tura. Da ƙirgen ya kai adadin da aka sa, sai a canza ƙa'idar da layin yake tafiya a kanta, a sa masa silin da ba zai wuce ba. Siginar da ke tsakanin waya da turke ba ta canza ba ko kaɗan. Shi ya sa sanduna suke zama cike: su aikinsu nuna ƙarfin siginar da ta iso daga turke, ba su da labarin abin da aka yanke wa layin a cibiya. Kamar famfo ne da aka murɗe kansa aka bar shi yana tsiyaya, ruwa na nan cike da bututu, hannun da ya murɗe ne ya hana shi fitowa.

Daga nan ake samun hanyar rarrabewa. Ragin da kamfani ya yi yana bin sim duk inda ya je, ba ruwansa da wuri ko lokaci. Raunin sabis yana bin wuri, taku goma na iya canza shi. Akwai kuma na uku da ake yawan ɗora wa waɗannan biyun laifinsa, wato cunkoso, shi kuma agogo yake bi. Wanda ya canza wuri, ya canza lokaci, ya canza sim, ɗaya bayan ɗaya, yana auna gudu kowane karo, zai gano mai laifi ba tare da ya kira kowa ba.

A ɗauki misalin mai shagon kwamfuta kusa da wata makaranta a Zariya, inda ake buga takardu, ana cike wa ɗalibai fom na intanet. Yana da rauta guda da kwamfuta huɗu a kanta. Ya sayi tsarin wata guda mai cikakken gudu har gigabait 100, daga nan kilobit 512. Kwana 18 komai lafiya. A rana ta 19, ana tsaka da ɗora hoton fasfo na wani ɗalibi, shafin ya tsaya cik, layi kuma ya fara tsawo a ƙofar shago.

Abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya kashe waifai na duk na'urorin shagon ya bar guda ɗaya, domin kada awon ya gauraye da abin da wasu suke saukewa. Sai ya buɗe fast.com, shafin awon gudu na kamfanin Netflix, ko manhajar Speedtest ta Ookla, ya auna sau uku da 'yar tazara tsakaninsu. A ce ya ga 490 Kbps, sannan 510, sannan 500. Waɗannan lambobi sun riga sun faɗi rabin labarin. Siginar rediyo ba ta da irin wannan natsuwa. Iska ce take ratsowa, tana cin karo da bango da kwano da bishiya da motoci masu wucewa, don haka gudun da ya dogara da ita hawa da sauka yake yi. In aka ga gudu ya tsaya a lamba ɗaya kamar an ja layi da rula, kuma lambar ta yi kusa da 128 ko 256 ko 512 ko 1 Mbps, to mutum ne ya zaɓi wannan lamba.

Akwai wata alama da mai lura zai gani yayin da awon yake gudana. Sau da yawa allurar takan yi tsalle sama a daƙiƙar farko, ta nuna 3 ko 4 Mbps, sannan ta gangaro ta kwanta a 0.5 ta ƙi motsi. Dalili shi ne na'urar da ke taƙaita gudu takan bar ɗan guntun data ya wuce a guje da farko kafin ta riƙe sauran. Wannan ne kuma ya sa layin da aka shaƙe yake ruɗa mutane: saƙon rubutu yana tafiya nan take, ƙaramin shafi yana buɗewa, kiran murya na WhatsApp ma yakan yiwu, amma da an taɓa bidiyo ko babban fayil sai komai ya tsaya.

Mataki na biyu, ya duba ƙarfin siginar da lamba, ya rabu da sanduna. Babu wata ƙa'ida guda da ta tilasta wa masu ƙera waya yadda za su zana sandunan nan, abin da wata waya ta nuna da sanda huɗu wata da biyu za ta nuna shi. A yawancin wayoyin Android ana shiga Settings, sai About phone, sai SIM status, a nan za a ga Signal strength da lamba mai alamar ragi da dBm a gabanta. Akwai kuma lambobin da ake dannawa kamar za a yi kira: ta farko tana aiki a wayoyin Android da yawa, ta biyu a Samsung, ta uku a iPhone.

```
*#*#4636#*#*
*#0011#
*3001#12345#*
```

Mai rauta kuwa ta burauza zai shiga shafin rautar. Adireshin yana rubuce a jikinta ko a ƙarƙashin murfin batir, na Huawei galibi 192.168.8.1, na ZTE galibi 192.168.0.1. Abin da ake nema a can shi ne RSRP, ma'aunin ƙarfin siginar 4G. Tun da lambar tana ɗauke da alamar ragi, ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Daga -80 zuwa sama sabis ne mai ƙarfi sosai. Tsakanin -80 da -90 yana da kyau. Daga -90 zuwa -100 ana lallaɓawa. In aka gangara -110 ko ƙasa da haka, an kai bakin iyaka, inda layi ke katsewa yana dawowa. Tazarar lambobin tana da yaudara a ido: duk ragin 3 yana nufin ƙarfin ya rabu biyu, ragin 10 kuma yana nufin kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. Tsakanin -90 da -110 ke nan bambancin ninki ɗari ne.

Kusa da ita akan ga wata lamba, SINR, wadda ke nuna yadda siginar ta fi hayaniyar da ke kewaye da ita. Sama da 13 abu ya yi kyau, sama da 20 ya yi kyau ƙwarai, kusa da sifili kuwa wayar da ƙyar take jin turken. Tana da amfani domin akan sami wuri, musamman tsakanin turaku biyu, inda RSRP ba laifi amma siginonin suna take juna.

Mai shagon ya duba ya ga RSRP -87, SINR 16. Da irin wannan sigina ya kamata a ce yana samun megabit da yawa a daƙiƙa, ba rabin guda ba. Don ya tabbatar, sai ya ɗauki rautar ya fita bakin titi inda yake hango turken. RSRP ta hau zuwa -79, wato ƙarfin ya ninka fiye da sau shida. Ya sake awo: 500 Kbps. Sabis ya ƙaru, gudu bai motsa ba. Da raunin sabis ne matsalar, da wannan fitar ta nuna.

Saura gwaji guda, wanda ya fi duk sauran yanke gardama. Ya ari sim na maƙwabcinsa mai shagon caji, na kamfani ɗaya da nasa, wanda ke da data ta yau da kullum, ya sa a cikin rautar, a kan teburin da take zama kullum. Awo ya nuna 18 Mbps. Rauta ɗaya, ɗaki ɗaya, turke ɗaya, minti biyar tsakani, sim kaɗai aka canza. Dole sim ɗin aron ya zama na kamfani ɗaya, domin na wani kamfani zai kama wata sigina dabam, ko da eriyoyinsu a jikin ƙarfe ɗaya suke rataye, kuma gwajin ba zai nuna komai ba. In rautar ba ta karɓar sim ɗin, ana iya juya gwajin: a sa sim ɗin shagon a waya, a je wata unguwa a auna. In 500 ɗin ta biyo shi har Sabon Gari, magana ta ƙare.

Sai a nemi shaidar kamfanin da kansa. Tun 2023 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta daidaita gajerun lambobin da kamfanonin waya ke amfani da su, ta yadda *323# ke nuna ragowar data a kowane layi, *312# ke kai mutum ga tsare-tsaren data, 300 kuma ita ce lambar kiran masu kula da abokan ciniki. Sau da yawa ma kamfani ya riga ya turo saƙon gargaɗi, amma saƙon sim ɗin rauta a cikin rautar yake zama, babu mai buɗe shi. A shafin nan da aka duba sigina akwai akwatin saƙonni, kuma mai shago da yawa zai tarar da labarin duka yana jiransa a ciki tun shekaranjiya.

Tambayar da mai shagon zai yi ita ce ina gigabait 100 ta tafi cikin kwana 19, alhali shi fom kawai yake cikewa. In aka raba, gigabait 5 da ɗan ɗori ne a rana. Kwamfuta huɗu masu Windows suna sauke sabuntawa da kansu ba tare da sun tambaya ba, kuma sabuntawa guda na iya cin gigabait da dama. Yaron shago yana kallon ƙwallo. An ba abokai uku lambar sirrin waifai, wayoyinsu kuma da sun ji waifai sai su ɗauka kyauta ce, su shiga tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, su sabunta manhajoji. Abin da aka tura ma galibi yana shiga lissafi, ba abin da aka sauke kaɗai ba. A Windows akwai saiti mai suna Metered connection, in aka kunna shi kwamfutar takan dakatar da yawancin irin wannan saukewa.

Me kilobit 512 ke iya yi? A nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin kamfani da bit yake awo, fayil kuma da bait ake auna shi, kuma bit takwas ne bait guda. Kilobit 512 ke nan kilobait 64 a daƙiƙa. Fayil mai megabait 100, wanda a gudun 20 Mbps daƙiƙa 40 ya ishe shi, yanzu sai ya ci kusan minti 26. A kilobit 256 kusan minti 52. YouTube yana ba da shawarar 0.7 Mbps don bidiyo mai ingancin 360p, da 2.5 Mbps don 720p, saboda haka layin shagon ko 360p ba zai riƙe ba, sai an sauko 240p ko 144p inda fuskoki ke zama dishi-dishi. In kwamfuta huɗu suka raba, kowace kilobit 128 za ta samu. Ko da layin bai huta ba tsawon awa 10 da shago yake buɗe, abin da zai iya wucewa bai kai gigabait biyu da rabi ba, ƙasa da rabin abin da shagon ya saba ci. Ga mai karatu shi kaɗai a ɗaki, wannan gudu yana iya kai shi ƙarshen wata da haƙuri. Ga shago mai layin ɗalibai a ƙofa, daidai yake da an yanke.

Raunin sabis wata kama gare shi dabam. A ɗauki malamar makaranta da ke zaune a sabuwar unguwa can gefen gari, gidan bulo da rufin kwano, turke mafi kusa yana da nisa. Ta auna sau uku a uwar ɗaka ta ga 0.3 Mbps, sannan 1.9, sannan 0.7, wani awon ma ya ƙi kammaluwa. Lambobin ba su san juna ba. RSRP tana -114, SINR tana 1. Ta koma bakin tagar falo da ke fuskantar gari, RSRP ta zama -103, gudu ya hau 5 Mbps. Ta fito tsakar gida ya ƙara hawa. Sim ɗin mijinta na kamfani ɗaya, a uwar ɗakan, shi ma rarrafe yake. Nan babu ruwan FUP.

Akwai wasu alamu da ke rakiyar raunin sabis. Turawa takan mutu kafin saukewa, saboda turke yana magana da ƙarfi mai yawa daga sama, waya kuwa iyakar ƙarfin muryarta a 4G kusan kashi ɗaya cikin biyar na wat guda ne. Shi ya sa saƙon murya yake shigowa amma nata ya ƙi fita. Wayar takan yi zafi, caji ya riƙa zuba, domin tana ta ƙoƙarin ɗaga murya. Kiran waya na yau da kullum ma yakan riƙa yankewa, abin da ragin gudun data ba ya jawowa. Sannan alamar da ke saman waya takan riƙa sauyawa daga 4G zuwa H+ ko 3G, har zuwa E.

Wannan E ɗin tana buƙatar a kula da ita, domin ita ce ta fi iya shigar burtu. Tsohuwar fasahar 2G ce, kuma iyakar gudunta a aikace bai wuce kilobit ɗari biyu da wani abu ba. Wayar da ta faɗa kanta za ta iya nuna sanduna cike, domin siginar 2G takan kai nesa, tare da gudu ƙarami mai kama da wanda aka ƙayyade. Wanda bai dubi harafin da ke gefen sandunan ba zai rantse an shaƙe masa layi. Kafin a zargi kamfani, a tabbatar 4G ko LTE ko 5G ne a rubuce lokacin da ake awon. Wani lokaci ma ba sabis ne ya ja wayar can ba, wani ne ya taɓa saiti ya kulle ta a 2G ko 3G, ko kuma data tana kan sim na biyu.

Maganin malamar ba ya hannun masu sayar da data. Ta sa sim a rauta, ta ajiye ta a saman taga ta ɓangaren da turke yake, waifai ya raba wa ɗakuna. In hakan bai isa ba, eriyar waje a kan dogon ƙarfe tana iya ƙara abin da ake buƙata, in rautar tana da wurin haɗa ta. Ko kuma ta gwada layin wani kamfani wanda turkensa ya fi kusa, ko wanda yake amfani da ƙananan mitoci irin 800 MHz a yankin, domin sun fi 2600 MHz nisan zango da ratsa bango.

Cunkoso kuma ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya yi haƙurin auna sau biyu. Sigina tana da kyau, data ba ta ƙare ba, amma bayan sallar isha'i, lokacin da unguwa duka ta kwanta da waya a hannu, gudu ya faɗi zuwa 1 Mbps yana tangal-tangal. Da asuba a sake aunawa a ga 25. Haka yake faruwa ranar kasuwa, ko a filin idi, ko a makaranta ranar da aka saki sakamako. Sim ɗin maƙwabci ma yana shan irin wahalar a sa'a guda. Akwai kamfanoni, musamman a Amurka, da suke haɗa wannan da ƙa'idar adadi: wanda ya wuce adadinsa ba a sa masa sili, sai dai a mayar da shi ƙarshen layi duk lokacin da turke ya cika. Irin wannan layin da dare yana gudu lafiya, da yamma kuma ya fi na maƙwabci rarrafe, kuma gwajin sim biyu a sa'ar cunkoso ne kaɗai zai fallasa shi.

Akwai kuma ragin da bidiyo kaɗai yake shafa. A 2015 kamfanin T-Mobile na Amurka ya fito da tsari mai suna Binge On, kuma gwajin da ƙungiyar EFF ta yi a farkon 2016 ya nuna ana riƙe bidiyo a kusan 1.5 Mbps. Ana gano irin wannan in Speedtest ya nuna gudu mai yawa amma fast.com, wanda daga na'urorin Netflix yake jawo data, ya tsaya a ƙaramar lamba. A nan ne kaɗai VPN take iya canza wani abu, domin tana ɓoye wa kamfani irin abin da ake saukewa. Masu cewa VPN ko canza saitin APN yana cire ragin FUP suna sayar da abin da babu: silin yana kan sim ɗin gaba ɗaya, duk abin da ya bi ta cikinsa an ƙirga shi, a ɓoye yake ko a fili.

In kuwa aka ga kowa a gari yana kuka lokaci guda, kowane sim, kowace unguwa, to abin ya wuce turke da tsari. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe na kwanaki, sanduna kuwa suna cike a wayoyin mutane. Yankewar wayar faiba a wurin aikin titi tana yin irin wannan a ƙaramin yanki.

Awon gudu kansa yana cin data, kuma a layi mai sauri awo guda na iya lashe megabait da dama, don haka sau uku a wuri biyu a lokaci biyu ya wadatar. Kowane awo a ɗauki hoton fuskar waya, ana ganin sa'a da harafin netwok. Amfanin hotunan yana zuwa ne in lissafin bai daidaita ba: an rage gudu alhali *323# yana nuna saura data mai cikakken gudu, ko an sabunta tsari an cire kuɗi amma layin yana nan a 512, ko gudun da ake samu ya gaza wanda aka rubuta a sharaɗin. A irin wannan hali a fara kashe rautar a kunna, domin wani lokaci sabuwar ƙa'ida ba ta hawa sai layin ya sake haɗuwa. In bai gyaru ba a kira 300, a faɗi sunan tsarin da ranar saye da lambobin da aka auna, a kuma karɓi lambar ƙorafi. Mai amsa kira yakan fara da cewa a kashe waya a kunna ko a canza wuri, amma wanda ya ce masa RSRP tana -87 kuma wani sim na kamfanin yana ba da 18 Mbps a rauta guda ya riga ya rufe wannan ƙofa. In kamfani bai warware ba, NCC tana karɓar ƙorafi kyauta a 622, kuma za a tambayi lambar ƙorafin da kamfanin ya bayar.

Inda ragin ya zo daidai da sharaɗi, babu ƙorafin da zai ɗaga shi, sai dai lissafi kafin saye na gaba. Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kuskuren zaɓen tsari ya ƙara tsada. Abu uku ya kamata mai saye ya nema kafin ya biya: adadin da ke da cikakken gudu, gudun da za a koma bayansa, da kuma ko adadin na rana ne ko na wata, domin na rana yakan dawo washegari, na wata kuwa sai ranar sabuntawa. Waɗannan lambobi uku su ne ainihin abin da ake sayarwa, kuma hakkin mai saye ne a rubuta su da girman da aka rubuta Unlimited, a kuma faɗe su da Hausa a tallan rediyo kamar yadda ake faɗin garaɓasa. Mai shagon Zariya, da yake cin gigabait 5 da ɗori a rana, kusan gigabait 160 yake buƙata a wata in bai canza komai ba. In ya canza lambar sirrin waifai, ya kunna Metered connection a kwamfutocin huɗu, ya duba ƙirgen rautar bayan mako guda, zai san ko 100 ɗin za ta kai shi ko kuwa tsari na gaba da ita zai saya.